Komawa fili bayan ciwon gwiwa: kurakuran da ke mayar da tsoro ya fi ciwon daɗewa

Akwai wani matashi mai buga lamba 7 a ƙungiyar unguwarmu da jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, wadda likitoci ke rubutawa ACL a takardar hoto. Babu wanda ya taɓa shi. Ya kafa ƙafa ne zai yanke mai tsaron baya, jiki ya juya, ƙafa ta tsaya, sai ya ji ƙas. Yawancin masu wannan ciwo haka yake samunsu. An yi masa aiki, ya yi wata 10 bai taka leda ba. Ranar da ya dawo tirenin ba ya ɗingishi, gudu kuwa kamar da. Amma da an turo masa ƙwallo ta dama sai ka ga ya zagaya da jikinsa gaba ɗaya ya tarbe ta da hagu, in mutum ya taho masa kuma sai ya saki ƙwallon tun da nisa. Yara suka fara ce masa ya zama matsoraci. Wanda maciji ya sara dai, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya haɗa sakamakon bincike masu yawa kan waɗanda aka yi wa wannan aiki, ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 suna komawa wani nau'in wasa, amma kusan kashi 55 ne kawai ke komawa gasa. Tsoron sake jin ciwo yana sahun gaba cikin dalilan da waɗanda ba su koma ba suke bayarwa. Kurakuran da nake gani a fili, kusan dukansu daga wuri ɗaya suke fitowa: ba a tsaya an bincika ko tsoron nan gaskiya yake faɗa ba.

Kuskure na farko: ɗaukar daina jin zafi a matsayin warkewa

Zafi yana riga rauni tafiya. Gwiwa takan daina ciwo alhali tsokar gaban cinya, wadda ke riƙe ta idan ka dira ko ka ja birki, ta zube ba ta dawo ba. Mutum yana jin haka a jikinsa ko da bai iya faɗa ba, shi ya sa ƙafar ke ƙin yarda da shi. A irin wannan hali tsoron yana da hujja, kuma babu maganar kwantar da hankali da za ta kawar da shi.

Gyaran shi ne a auna. Ka zauna a kujera, ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka miƙe da ɗayar ba tare da dafa komai ba, ka koma ka zauna a hankali. Ƙirga sau nawa za ka iya da mai lafiyar, sannan da mai ciwon. Idan wannan ya tafi daidai, kuma likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya ba ka izinin tsalle, sai gwaji na biyu: ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan layi, ka yi tsalle gaba iya ƙarfinka, ka dira da ita ka tsaya cak na daƙiƙa 2. In ka yi tangal-tangal ko ka sa ɗayar ƙafar, ba a ƙirga ba. Tef ɗin tela ya isa awo. Abin da ake nema shi ne mai ciwon ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar.

Mun yi wa lamba 7 wannan gwaji a bayan raga. Hagu ta ba da santimita 170, dama ta ba da 128, wato kashi 75 ke nan. Sai ta kai 153 kafin a ce ta ci. Na ga fuskarsa ta saki a wannan rana, domin ya gane ba ragwanta ke damunsa ba, ƙafar ce da sauranta. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: ƙafa mai lafiyar ma ta yi wata 10 tana hutu, ita ma ta rage. Don haka kashi 90 mafi ƙaranci ne, kuma ƙafafun biyu za a ƙarfafa tare.

Ga wanda aka yi wa aikin wannan jijiya, lokaci ma yana da nasa hukuncin. Wani bincike na masana daga Norway da Amurka da ya fito a 2016 ya gano cewa duk wata guda da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na 9 bayan aiki, yana rage haɗarin sake jin ciwo da kusan rabi. Wanda ya ci gwajin tsalle a wata na 6, ya yi haƙuri tukuna.

Kuskure na biyu: son kashe tsoro a rana ɗaya

Wannan abokai ne suka fi jawo shi. "Kai dai shiga kawai, da jikinka ya yi ɗumi ka manta." Sai mutumin da bai yi yanka ko ɗaya ba a wata 10 ya faɗa wasan yammacin Lahadi, a filin da ke da ramuka da tsakuwa. Mai tsoro yana dira da ƙafa a sandare, ba ya lanƙwasa gwiwa, yana jinkirin yanke shawara, kuma irin wannan taku shi ne ainihin wanda ke tsinka jijiya. Ko da ya fita lafiya, in gwiwar ta kumbura washegari, tsoron ya ninku.

Mafi muni shi ne wanda ke haɗiye maganin kashe zafi kafin ya shiga fili, diklofenak ko, Allah ya kiyaye, tiramol. Ya toshe bakin mai gargaɗinsa ke nan.

Kuskure na uku: kewaye wa motsin da ya jawo ciwon

Wannan ya fi ɓuya, domin mai yin sa kullum yana cikin motsa jiki. Yana sassarfa da asuba, yana tuka keke, yana ɗaga ƙarfe, amma duk a miƙe suke, babu juyi. Wata da watanni bai taɓa kafa ƙafar dama ya juya a kanta ba. Duk ranar da ya kauce wa wannan motsi yakan ji sauƙi a ransa, wannan sauƙin kuma shi ke ƙara tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa motsin haɗari ne. Haka tsoro ke girma ba tare da wani sabon ciwo ba.

Abin da ke aiki shi ne a yi wa tsoron matakala. Na sa lamba 7 ya rubuta abubuwan da yake shakka, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Sassarfa a miƙe ya ba ta 1. Gudu a zagaye mai faɗi, 3. Gudu da tsayawa farat ɗaya, 5. Yanka zuwa hagu a kan ƙafar dama, 8. Yanka da mutum a gabansa, a filin da abin ya faru, 10.

Da farko ba mu taɓa 8 ba. Mun fara da 3, yana zagaya da'irar tsakiyar fili da rabin gudu, sau 6 ta kowane ɓangare, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. A ranakun kuma yana aikin cinya: tsuguno da ƙafa ɗaya, da hawa da sauka a kan bulo. Ƙa'idar ita ce ba a hawa mataki na gaba sai makin wanda ake kai ya sauko 2 ko ƙasa, kuma gwiwa ba ta kumbura ba. Da'irar muka riƙa matsewa har ta zama kwana. Da muka iso yanka, da tafiya ya fara yi, a kan alamar da shi ya san inda take, wato takalmi da muka ajiye a ƙasa. Bayan nan da sassarfa. Sai na tsaya a gabansa ina nuna hannu dama ko hagu a ƙurarren lokaci, domin a wasa ba a sanar da mutum inda zai juya, kuma juyin ba-zata ya fi nauyi a gwiwa. Sai ƙwallo ta shigo. Sai mai tsaron baya wanda aka ce ya tare hanya amma kada ya sa ƙafa. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko gudu, ko ba-zata, ko mutum.

Wata ranar makin yanka ya sauko 4, bayan kwana biyu ya koma 6 saboda an yi ruwa fili ya yi santsi. Wannan ba koma-baya ba ne. Mun sauka mataki ɗaya a ranar, muka ci gaba.

Kuskure na huɗu: fassara kowane ɗan zafi da cewa ta sake tsinkewa

Gwiwar da ta daɗe ba ta aiki dole ta yi ƙorafi. Tsamin cinya kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye, ɗan nauyi a gaban gwiwa, ƙara ƙas-ƙas marar zafi yayin tsuguno, duk ba abin tashin hankali ba ne. Ma'aunin da masu fisiyo da yawa ke bayarwa mai sauƙi ne. In zafin bai wuce 3 cikin 10 ba yayin atisaye, bai sa ka ɗingishi ba, kuma zuwa washegari ya koma yadda yake, ci gaba. In zafin gwiwar ya kwana ya tashi da kai, ko gwiwar ta yi ruwa, ka yi yawa: huta kwana 2, ka koma matakin baya. Zaman tahiya yana tona asirin kumburi da wuri. In jiya kana zama daidai, yau da asuba gwiwar ta cika ta ƙi lanƙwasuwa, to akwai ruwa a ciki.

Waɗanda ba a jira da su daban ne: gwiwa ta goce a ƙarƙashinka kamar za ta zube, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko ta kumbura suntum cikin 'yan sa'o'i bayan ka ji ƙara, ko ka kasa taka ta. Wannan na asibiti ne, ba na mai ɗori ko man zafi ba.

Sai maganar bandeji da safar gwiwa. Ba ni da ja da su in suna kwantar wa mutum da hankali a makonnin farko, amma yadi ba ya riƙe jijiya, tsoka ce ke riƙewa. In ka kai inda za ka fasa tirenin don ka manta safar a gida, lokaci ya yi da za ka fara cire ta, tun daga matakan da makinsu ya riga ya sauko.

Lamba 7 ya ɗauki mako 11 kafin damarsa ta ba da santimita 156. Ko a nan ɗin ba mu ba shi wasa cikakke ba. Ya fara da minti 15 na ƙarshe a wasan tirenin, sannan 30, sannan rabin lokaci. A minti 15 ɗin farko, ƙwallo biyu da aka turo masa ta dama duk da hagu ya tarbe su. Ta ukun ta zo da sauri, bai samu damar tunani ba, ya kafa dama ya juya. Sai da muka tashi yana kwance igiyar takalmi na tambaye shi maki nawa zai ba wannan yankan. Ya ɗago ya ce, "Wanne, Koci?"