Ƙarambau a gida: takardar da za ka kai wa maigidanka a Damagaram

'Yan uwa da kuka tsallako daga Kano, Daura ko Katsina kuka kama aiki a Damagaram, ga wata matsala da ke haɗa sabon zuwa da maigidansa. Yaro ya yi ƙarambau a gidan da ka sauka, kai ba ka taɓa yi ba, ba a kuma yi maka rigakafi ba, likita ya ce ka ƙaurace wa wurin aiki. Maigida ya gan ka garau, sai ya ɗauka gudun aiki kake. Abin da zai raba gardama shi ne takarda mai kwanan wata.

Ka fara fahimtar lissafin da kanka. Ƙarambau yakan ɓuya a jiki kwana 10 zuwa 21 kafin ƙuraje su fito, kuma mutum yana fara yaɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin a ga ƙurji ko guda. Shi ya sa likitoci kan ce a kauce daga kwana na 8 bayan haɗuwar farko da mai ciwon, har kwana na 21 bayan haɗuwar ƙarshe. Ba kowa ake cewa ya zauna gida ba. Wanda ya yi tun yana yaro galibi ya tsira. An fi tsananta wa mai aikin da ke haɗa shi da masu juna biyu, jarirai da marasa ƙarfin garkuwar jiki, domin su ne ciwon yake yi wa mummunar illa.

A ce saurayi ne mai aiki a kantin magani a Sabon Gari. Ɗan yayarsa ya kwana ɗakinsa daga 1 zuwa 3 ga Maris, ranar 3 ƙuraje suka feso wa yaron aka mayar da shi gida. Takwas a kan 1 ya ba da 9, ashirin da ɗaya a kan 3 ya ba da 24. Ga abin da zai rubuta:

"Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Daga 1 zuwa 3 ga Maris na zauna ɗaki ɗaya da yaron da aka tabbatar yana da ƙarambau, ni kuma ban taɓa yi ba. Lafiyata ƙalau yanzu, amma likita ya ce ciwon yana yaɗuwa tun kafin ƙuraje su fito. Saboda masu ciki da masu goyo da ke shigowa kanti, ya umarce ni in zauna gida daga 9 zuwa 24 ga wata. Idan ban ga komai ba, zan dawo ranar 25 in sha Allah. Kwanakin da na yi aiki kafin 9 ba su da haɗari ga abokan aikina. Ga takardar likita a haɗe. Lissafin kaya zan iya yi ta waya. Ina roƙon a sanar da ni yadda za a yi da albashin waɗannan kwanaki. Na gode."

Jimlar nan ta abokan aiki kada ka bar ta. Da zarar an ji ƙarambau, tsoro yake shiga, kuma idan akwai mai ciki a cikinsu ita za ta fi kowa damuwa. Sunan yaron kuwa da na iyayensa ba su da wuri a takardar. Maganar albashi ma ka ɗaga ta tun yanzu. Na san kunya tana hana baƙo, amma mako biyu da ɗoriya ba ƙaramin giɓi ba ne ga mai biyan haya.

Saƙon murya bai wadatar ba. Takardar likita a nan da Faransanci ake rubuta ta, don haka kafin ka bar asibiti ka sa a karanta maka, ka tabbata akwai hatimi, sa hannu da ranakun nan biyu. Idan babbar ma'aikata ce, ka nemi wanda zai mayar da wasiƙarka Faransanci, ka riƙe kwafi. Ka aika tun ranar da likita ya faɗa maka, domin maigida ya samu sararin neman wanda zai riƙe maka wuri.

Lissafin yakan canja. Idan yaron a gidanku yake zaune, haɗuwar ƙarshe tana matsawa har ranar da ƙurajensa suka bushe, sai ranar dawowarka ta ja baya. Idan kuma zazzaɓi ya kama ka, ka ga ƙuraje masu ruwa a ƙirji, baya ko fuska, waccan takardar ta tashi aiki. Ka koma wurin likita a ranar, don maganin asikulobir ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje, kuma a jikin babba ciwon yana iya taɓa huhu. Sai ka rubuta wa Alhaji ta biyu, ka gaya masa ranar da ƙurajen suka fito, da cewa ba za ka dawo ba sai duk sun yi ɓawo sun bushe, abin da yakan ɗauki kamar mako guda.