Yadda Ake Tantance Izinin da Manhaja ke Nema, da Waɗanda Tocila ko Ƙaramin Wasa Bai Kamata Su Samu Ba

Kowace manhaja da ka sauke, wayarka tana killace ta ne a ɗakinta ita kaɗai. Ba ta ganin hotunanka, ba ta jin maganarka, ba ta san inda kake ba, sai ka buɗe mata ƙofa da hannunka. Wannan buɗe ƙofar shi ake kira izini.

A wayoyin Android izini hawa uku ne. Na ƙasa shi ne wanda waya ke bayarwa da kanta ba tare da ta tambaye ka ba, kamar shiga intanet ko sa waya ta yi kaɗawa. Na tsakiya shi ne wanda ƙaramin akwati ke fitowa a allo yana tambayarka, kamar kyamara, makirufo, lambobin mutane, saƙonnin tes da wurin da kake. Wannan tsarin ya fara ne da Android 6.0 a shekarar 2015. Kafin nan, ko dai ka yarda da komai lokacin saukewa, ko ka haƙura da manhajar. Na sama shi ne izini na musamman, wanda sai an kai ka cikin Settings ka kunna shi da kanka, kuma a nan haɗarin ya fi yawa.

Ka lura da na ƙasan da kyau. Tunda kusan kowace manhaja tana da hanyar intanet kyauta, duk abin da ka bari ta karanta, tana iya tura shi waje ba tare da ta sake neman yardarka ba. Ba da izinin lambobin mutane daidai yake da miƙa kwafinsu, kuma abin da ya fita ya fita. Janye izini daga baya yana tsayar da abin da zai biyo ne kawai.

Mataki na farko: ka tambayi kanka wane aiki ne ke buƙatar izinin

Aikin tocila shi ne kunna fitilar da ke kusa da kyamara. A da, sai manhaja ta samu izinin kyamara take iya taɓa wannan fitilar, shi ya sa tsofaffin tocila ke nemansa. Tun daga Android 6.0 akwai umarni mai suna `setTorchMode` da ke kunna fitilar ba tare da izinin kyamara ba. Ke nan tocilar da aka rubuta da kyau ba ta da dalilin fito maka da akwatin tambaya ko ɗaya. Gaskiyar magana ma, wayar ta zo da tocilarta: ka ja allo daga sama za ka gan ta, a iPhone kuma tana cikin Control Center. Ba sai ka sauke wata ba.

Ƙaramin wasa, irin na jera tubala ko haɗa kalmomi, shi ma yana ajiye makinka a ɗakinsa ba tare da izinin komai ba. Idan ya nemi Location, wato wurin da kake, galibi ba wasan ke buƙata ba, kamfanin tallan da aka cusa a cikinsa ne. An taɓa kama irin wannan dumu-dumu: a 2013 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhumi masu manhajar Brightest Flashlight Free da tura wa masu talla wurin da mutane suke da lambar shaidar wayarsu ba tare da sun bayyana musu ba.

Mataki na biyu: abin da za ka danna idan akwatin ya fito

Ga tocila ko ƙaramin wasa, ka danna Don't allow a kan SMS, Call logs, Phone, Contacts, Microphone, Location da hotuna ko fayiloli. Kada ka ji tsoron ƙi. Idan wani sashe na manhajar yana buƙatar izinin da gaske, za ka gane lokacin da ka zo amfani da shi, sai ka koma ka bayar, ko, idan kyamara, makirufo ko Location ne, ka zaɓi Only this time a wayar da ke da Android 11 zuwa sama. Manhajar da ta ƙi buɗewa sam don an hana ta lambobin mutane ta tona asirin kanta, sai a goge ta.

SMS ya fi sauran muni, domin ta nan lambar tabbatarwa ta banki ke shigowa. Tun 2019 Play Store ta taƙaita wannan izini ga manhajojin da aikinsu ke nan. Tocilar da ta neme shi, da wuya ta fito daga can.

Mataki na uku: ka leƙa inda ake ɓoye manyan izini

Ka shiga Settings, sai Apps, sai Special app access. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, don haka idan ba ka gani ba, ka rubuta sunan a wurin bincike na Settings. Ka duba Display over other apps, Notification access, Device admin apps da Install unknown apps, sannan ka koma baya ka buɗe Accessibility. Sunan tocila ko wasa bai kamata ya kasance a kunne a ko ɗaya ba.

Ga yadda cutar ke tafiya. An turo wa mutum fayil ɗin wasa ta saƙo, ya sa a wayarsa. Da ya buɗe, wasan ya ce ba zai yi sauri ba sai an kunna masa Accessibility, har ya kai shi shafin da kansa. Wannan izini an yi shi ne don makafi da masu lalurar hannu, shi ya sa yake ba manhaja ikon karanta duk abin da ke allo da kuma danna maɓalli a madadin mai waya. Da wasan ya samu, sai ya riƙa danna Allow da kansa yana tara sauran izinin. Ranar da mutumin ya buɗe manhajar bankinsa, wasan ya gane, ya shimfiɗa shafin bogi a kan na gaskiya, ya karɓi lambar sirri. Lambar tabbatarwa na shigowa ya karance ta daga sanarwa, ya share sanarwar kafin mai waya ya gani. Saboda irin wannan ne Android 13 ke toshe Accessibility ga manhajar da aka sa daga fayil, ta nuna Restricted setting. Idan wasa ya fara koya maka yadda za ka tsallake wannan shinge, kada ka bi.

Mataki na huɗu: binciken waɗanda ke wayar tun da

Ka nemi Permission manager a Settings. Yana jera izini ɗaya bayan ɗaya da manhajojin da ke riƙe da shi. Ka fara da SMS, Microphone da Location. Daga Android 12 akwai Privacy dashboard mai nuna wanda ya taɓa kyamara, makirufo ko wurin da kake cikin awa 24 da suka wuce, da ɗigon kore da ke fitowa a kusurwar allo idan kyamara ko makirufo na aiki. Ganin ɗigon kana tsakiyar jera tubala alama ce cewa wata manhaja na amfani da kyamara ko makirufo.

Idan ka zo gogewa ka tarar maɓallin Uninstall ya dushe ba ya dannuwa, manhajar ta shiga Device admin apps ne. Ka kashe ta a can tukuna. Idan Settings na rufe kansa duk lokacin da ka nufi sunanta, Accessibility take amfani da shi tana korarka. A nan sai ka tayar da wayar a Safe mode, wanda a wayoyi da yawa ake shiga ta danne Power off na ɗan lokaci a allon kashewa. A wannan yanayi manhajojin da ka sauke ba sa tashi, sai ka goge ta hankali kwance. Bayan nan ka canza lambobin sirrinka daga wata waya daban, ka fara da na banki da na imel.