Dabarar haɗa 1 zuwa 100 ba tare da kalkuleta ba

Jama'a, in an ce ku tara 1, 2, 3 har zuwa 100, kada ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Ku haɗa ta farko da ta ƙarshe.

1 da 100 sun ba da 101.
2 da 99, 101.
3 da 98, nan ma 101.

Abin da ke faruwa shi ne, duk sanda ƙaramar ta hau da ɗaya, babbar ta sauka da ɗaya, shi ya sa jimlar ba ta motsi. Lambobi ɗari in aka jera su bibbiyu, kashi 50 ke nan, na ƙarshe 50 da 51. To, 101 sau 50, amsa 5,050.

Ɗan ƙanena ne ya zo da wannan aikin gida, can Mabera. Ya cika shafi guda da lissafi, ya ɓata wajen sittin da wani abu, yana shirin sakewa daga farko. Da na nuna mishi, har fushi ya yi don wahalar da ya sha.

Amma a kula. In lambobin ba su rabu biyu daidai ba, kamar 1 zuwa 99, ta tsakiya, wato 50, za ta rasa abokiya. Kashi 49 na ɗari-ɗari, 4,900, sai ku ɗora mata 50, ya zama 4,950. Nan mutane ke mantuwa.

Kuma sai tazarar ta zama iri ɗaya. Zubin adashe da ke ƙaruwa da naira 100 kullum, zai yi. Cinikin shago, yau sama gobe ƙasa, ku ɗauko kalkuletarku.