Yadda ake shiga ɓoyayyen waifai ta hanyar rubuta sunansa da hannu

Kawuna yana da shagon buga takardu a wajejen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Da ya ga datarsa ta wata tana ƙarewa cikin kwana goma, sai ya sa aka ɓoye masa sunan waifai ɗin shagon. Bayan wata biyu ya sayi sabuwar waya, ya buɗe jerin waifai, bai ga nasa ba. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, na'urar nan ta mutu." Na ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau, sunanta ne kawai ta daina faɗa."

Rauta, wato na'urar da ke ba da waifai, in ba a ɓoye ta ba tana shelar sunanta a kai a kai, kuma a cikin shelar tana faɗin irin tsaron da take amfani da shi. Shi ya sa kake taɓa suna kawai ka sa kalmar sirri. Wadda aka ɓoye kuwa ba ta faɗin suna, sai wayarka ce za ta yi sallama ta ambaci sunan, sannan ta amsa. In ka kira sunan da ba daidai ba, shiru za ka ji, ko da kana tsaye a gabanta.

Saboda haka kada ka fara da waya. Fara samo abu uku a rubuce: sunan daidai harafi da harafi, nau'in tsaro, da kalmar sirri. In ba a canza komai ba tun da aka sayi na'urar, suna jikin takardar da ke manne a ƙarƙashinta, a maifai kuma, wato ƙaramar rautar aljihu, sau da yawa a ƙarƙashin batir. Sunan yana gaban inda aka rubuta SSID. In an canza, nemi wata waya ko kwamfuta da ke kan waifai ɗin a lokacin, ka buɗe bayanansa, za ka ga sunan da layin Security. A shagon kawu kwamfutar buga takardu ce ta ba mu amsa: sunan Kofar_Kaura2, tsaro WPA2-Personal.

A wayar Android, buɗe Settings ka shiga Wi-Fi. A wasu wayoyin yana cikin Network & internet, a Samsung kuma cikin Connections. Gangara ƙarshen jerin ka taɓa Add network.

A gurbin Network name ka rubuta sunan, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin rauta, don haka kofar_kaura2 wani suna ne daban. Allon rubutun waya yana son mayar da harafin farko babba, kuma in ka taɓa kalmar da ya ba ka shawara, yakan ƙara fili a bayanta wanda ido ba ya gani. Akwai kuma tarkon da ya shafe mu Hausawa musamman: mai allon rubutun Hausa hannunsa ya saba sa ƙ mai lanƙwasa a Ƙofa da Ƙaura, alhali wanda ya saita rautar k zalla ya sa. Kawu da kansa haka ya rubuta a gwajinsa na farko, kuma rubutunsa ne daidai a Hausa, sai dai rauta abin da aka ba ta kawai ta sani.

Sai gurbin Security. Za ka ga None, WEP, WPA/WPA2-Personal, WPA3-Personal, da masu Enterprise a ƙarshe. Galibin rautocin gida da shago da maifai a kan WPA2 suke, wanda ya fito tun 2004, don haka in dole sai ka yi hasashe, fara da WPA/WPA2-Personal. WPA3 a 2018 ya fito, kuma ba kowace tsohuwar waya ke da shi ba. Masu Enterprise na manyan ofisoshi da jami'o'i ne, inda kowa ke da sunansa da kalmar sirrinsa. In ka ga ana tambayarka Identity a waifai ɗin shago, ka zaɓi wanda ba shi ba. WEP kuwa tsoho ne da aka daɗe da karyawa, in har rautarka tana kansa, canza shi a yau. Wani abin da ke ruɗa mutane: a shafin rauta za a iya rubuta WPA2-PSK, a waya kuma WPA2-Personal. Abu ɗaya ne.

Rubuta kalmar sirri, ka taɓa Show password ka karanta ta da idonka. A WPA2 ba ta kasa haruffa 8, ba ta wuce 63, shi ya sa Save ba ya taɓuwa in ta yi gajarta.

Kafin ka taɓa Save, akwai matakin da ya fi kowanne saurin mantawa. Buɗe Advanced options, ka nemo Hidden network, ka mayar da shi Yes. Tun daga Android 9 aka ware wannan zaɓin. In ka bar shi a No, wayar za ta adana komai amma ta zauna tana jiran shelar da ba za ta zo ba. Za ta nuna gargaɗi cewa daga yanzu za ta riƙa kiran sunan nan tana nema. Gaskiya ne, karɓa ka ci gaba.

A iPhone hanyar ta fi gajarta: Settings, Wi-Fi, Other, ka cika Name da Security da Password, ka taɓa Join. A Windows 11 kuma Settings, Network & internet, Wi-Fi, Manage known networks, Add network, sannan ka sa alama a Connect even if this network is not broadcasting.

In bai shiga ba, abin da wayar ta rubuta shi zai nuna maka inda matsalar take. In ta adana amma ba ta ko yunƙurin haɗawa ba, ko ta ce Not in range alhali kana kusa, ba ta sami rautar ba ke nan: duba suna, nau'in tsaro, da Hidden network. Kada ka ɓata lokaci a kan kalmar sirri, ba a ma zo kanta ba. In ta yi yunƙuri sannan ta ce Authentication problem ko ta nemi ka duba kalmar sirri, to suna ya yi daidai, kalmar ce ba ta yi ba. In kuma ta tsaya a Obtaining IP address, ka wuce ƙofa, matsalar daga rautar ce. Kashe ta ka kunna, ka duba ko maifai ɗin ya cika adadin wayoyin da yake ɗauka.

Kada ka tsaya gyara abin da aka adana ba daidai ba, don yawancin wayoyi ba sa barin a canza suna ko nau'in tsaro bayan an adana. Shiga Saved networks, ka taɓa Forget, ka sake daga farko. Haka muka yi da wayar kawu, da k zalla da Yes, ta haɗu nan take.

Da muka gama na gaya masa abin da nake gaya wa kowa: ɓoye suna ba ya hana ɓarawon data, domin duk lokacin da waya ta haɗu sunan yana fita a iska a fili, kuma akwai manhajojin da ke kama shi. Datarsa ta ƙare ne saboda kalmar sirrin lambar wayarsa ce, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagon. A ranar muka canza ta zuwa mai haruffa 14, muka sake shigar da kwamfutar da wayoyin yaran shago ɗaya bayan ɗaya.