Yadda Ake Magance Shafin Shiga Mai Mayar da Mutum Baya

A wani shagon intanet da ke Tudun Wada na tarar da wata ɗaliba ta shigar da kalmar sirrinta har sau 6 a shafin makarantarsu, kuma kowane karo shafin sai ya yi fari ya dawo da gurbin rubutu babu komai. Ta tabbata cewa an rufe mata asusu. Alhali da kalmar ce ba daidai ba, da shafin ya faɗa mata, don haka wannan shirun alama ce cewa mai yiwuwa matsalar tana cikin burauza.

Idan mutum ya shiga, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana miƙa wa burauzarsa wata 'yar shaida da ake kira kuki, kamar katin da mai gadi yake ba baƙo a bakin ƙofa. Idan burauzar ta ƙi karɓar shaidar, ko ta riƙe tsohuwa wadda ta lalace, sabar za ta ɗauke shi baƙo ta mayar da shi ƙofa, wani lokaci har a ga saƙon kuskure na ERR_TOO_MANY_REDIRECTS.

Da farko ka gwada kafin ka goge komai. A Chrome na kwamfuta ka danna Ctrl+Shift+N, ka buɗe shafin a tagar Incognito, wadda ba ta amfani da tsofaffin kukis. Idan ka shiga lafiya, to tsohon ajiya ne ya lalace. Sai ka koma tagar farko ka danna Ctrl+Shift+Delete, ka zaɓi All time, ka sa alama a Cookies and other site data da Cached images and files kaɗai. Ka sani cewa wannan zai fitar da kai daga sauran shafukan da ka shiga, saboda haka ka tabbata kana tuna kalmomin sirrinka tukuna, domin na ga wanda ya gyara shafi ɗaya ya kasa komawa imel ɗinsa.

Idan kuwa Incognito ma ta mayar da kai baya, mai yiwuwa an toshe kukis ne, sai ka rubuta wannan a gurbin adireshi:

```
chrome://settings/content/siteData
```

Ka zaɓi Allow sites to save data on your device. Shafukan da ke tura mutum wani adireshi domin tantancewa kan buƙaci Third-party cookies ma, wato kukis na wani shafi daban da wanda kake ciki, waɗanda Incognito take toshewa tun asali.

A wurin ɗalibar nan duk wannan bai isa ba, sai da muka duba agogon kwamfutar muka ga ya zarce da shekara guda. Kuki yana iya zuwa da ranar ƙarewa, don haka burauzar tana iya jefar da shi tun isowarsa. Da muka daidaita kwanan wata, ta shiga a karo na farko ta buga rasidinta.