Babi na Bakwai: Gashin da ke Zuba Wata Uku Bayan Jinya

Mu ɗauki misalin wata mata a Argungu, uwar 'ya'ya huɗu. A ƙarshen Agusta, ruwa na tsaka da sauka, sauro ya yi yawa, masassara ta kwantar da ita kwana shida, jiki kamar garwashi. Aka gwada jininta, aka ba ta magani, ta warke, ta koma harkokinta har ta manta. Sai ga ƙarshen Nuwamba, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ta zauna tsifa a tsakar gida. Duk inda ta ja mataji sai ya fito cike da gashi, ta dunƙula ta ajiye a gefen tabarma, har ya taru kamar dunƙulen fura. Hankalinta ya tashi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Yaya, ko dai sabon man nan ne?" Surukarta kuwa ta girgiza kai ta ce, "'Yar nan, wannan da hannu a ciki." Babu wadda ta tuna da masassarar Agusta, alhali ita ce mafarin abin.

Ga yadda abin yake. Kan mutum na ɗauke da gashi kusan 100,000, kuma ba tare suke rayuwa ba. A cikin kowane goma, kusan tara suna tsiro, kuma sili ɗaya yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana ƙara tsawo. Ɗayan da ya rage ya daina tsiro, yana hutu. Hutun nan yakan ɗauki kamar wata uku, sannan sabon gashi ya turo daga ƙasa, tsohon ya faɗi. Shi ya sa mai cikakkiyar lafiya ma yakan zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana bai sani ba.

Idan jiki ya sha wuya, sai ya tattara ƙarfinsa wajen abin da ya fi muhimmanci, ya yi watsi da gashi. Zazzaɓi mai zafi irin na cizon sauro ko taifot yana jawo haka. Tiyata ma haka, musamman idan an zubar da jini da yawa, haka nan haihuwa. Akwai kuma hanyar da ta fara yawa a wajen 'yan mata da amare: mutum ya hana kansa abinci don rage ƙiba cikin gaggawa, ya wuni da shayi, ya zube a 'yan makonni. A duk waɗannan, gashi mai yawa yakan shiga hutu lokaci guda, wani sa'in har kashi ɗaya cikin uku. Amma ba ranar zai faɗi ba. Sai ya cika wa'adin hutunsa tukuna, wata biyu zuwa huɗu, sannan ya zubo tare. Likitoci suna kiran wannan telojin ifulubiyam. Ba dole ku riƙe sunan ba. Jinkirin nan za ku riƙe, domin shi ne yake ruɗa mutane har su ɗora laifi kan makitsiya, ko hunturu, ko kishiya. Na sha ganin zumunci ya yi tsami a kan haka, kuma abin yana damuna ƙwarai.

To ta yaya za a gane? Fara da lissafi. Ki ƙirga baya wata uku daga ranar da kika lura, ki tambayi kanki: na yi jinya? An yi mini aiki? Na haihu? Na rame da sauri?

Sannan ki duba gashin kansa, wanda shi ne babban shaida. Shimfiɗa farin ƙyalle a inda akwai haske, ki zaro sili biyar ko shida daga abin da ya zuba, ki miƙe su. Idan silin ya fito da cikakken tsawonsa, kuma a gindinsa akwai ɗan farin kai ƙarami kamar ƙwayar gishiri, to gashi ne da ya gama hutu ya faɗi. Wannan farin kan ba saiwa ba ce. Mata da yawa sukan tsorata su ce ai har da saiwar ya tumɓuke, amma gidan gashin yana nan cikin fata da ransa, sabo ma ya riga ya kama hanya. Idan kuwa guntaye kika gani, gajeru gajeru, babu farin kai, to karyewa yake yi, kuma sai a tuhumi man miƙar da gashi ko zafin wuta ko bushewa.

Masu kitso su yi hattara da lissafin tsifa. Gashin da ya saki yana maƙalewa cikin kitso, ba ya faɗuwa sai ranar da aka kwance. Idan kitso ya yi kwana 14, lafiyayyar mace za ta iya ganin sili 700 zuwa 1,400 a zama ɗaya. Saboda haka kada ki auna da na wata. Auna da naki na da: tsifar bana ta ninka ta bara sau biyu ko uku?

Dubi fatar kai kuma, ko ki sa 'yar'uwa ta duba miki. A irin wannan zuba, gashin yana raguwa ne ko'ina, tsagar kitso ta ƙara faɗi, jelar kitso ta sirance, amma fatar tana nan sumul, ba ƙuraje, ba ƙaiƙayi mai tsanani, kuma ba wurin da ya zama fili fetal. Idan goshi da gefen kunne kaɗai suka cinye, wannan aikin kitso mai tsauri ne. Idan an ga da'ira mai garin fari da guntun gashi, musamman a kan yaro, a yi zaton makero, kuma shi maganin sha yake buƙata daga asibiti. Wani lokaci farce ma yana ba da shaida: za a ga wani ɗan kwari ya ratsa shi a kwance wajen tsakiya, alamar lokacin da jinya ta tsayar da tsironsa. Ba kowa yake samun wannan ba.

Mu koma ga matar Argungu. Zubar ta yi ta yi har cikin Fabrairu, sannan ta lafa da kanta, kamar yadda takan yi cikin wata uku zuwa shida idan sanadin ya wuce. A Maris ta shafa goshinta ta ji ƙananan gashi a tsaye kamar tsiron gero bayan ruwan fari. Gashi ba ya wuce kusan santimita ɗaya a wata, don haka cikarsa ta koma yadda take sai an doshi shekara ko fiye. Abin da ta yi a tsakani kaɗan ne: kitso sakwa-sakwa manya, ta dakata da man miƙarwa, ta ci gaba da wanke kai, tunda wanki ba ya ƙara zubar, abin da ya riga ya saki ne yake fitowa. Ta kuma dage da abinci mai gina jiki, kifi da wake da ƙwai da hanta da miyar zogale. Mai hana kanta abinci kuwa, zubar ba za ta tsaya ba sai ta koma ci yadda ya kamata, komai tsadar man da take shafawa.

A je asibiti idan zubar ta haura wata shida, ko idan tana tare da jiri, kasala, haki, da farin ido ko tafin hannu, domin ƙarancin jini yana tsawaita ta, kuma ya zama ruwan dare ga mai jego da mai zubar da jini da yawa a al'ada. Haka nan idan wuya ya kumbura, ko an ga fili santsi a kai. A gaya wa likita watan da aka yi jinya da duk maganin da ake sha, don wasu magunguna ma suna jawo hakan, amma kada a daina shan wani magani sai da izininsa.

Aikin gida: rubuta sunayen watanni shida da suka wuce a littafinki, ki sa alama a gaban duk watan da wani a gidanku ya yi zazzaɓi mai zafi, ko tiyata, ko haihuwa. Ƙirga wata uku gaba, ki rubuta watan da ya faɗa, ki zo da shi aji mako mai zuwa.