Babi na Bakwai: Yadda Ake Saita wa Yaro Waya

Darasi na 1: Kayan aiki

Ku ajiye waya biyu a gabanku, taku a dama, ta yaro a hagu. Wayar yaron sai ta kasance babba ta shafawa, irin su Tecno, Itel ko Infinix masu Android. Ƙaramar waya mai maɓallai ba ta ɗaukar wannan aiki. Ku cika su da caji, ku sa data a duka biyun, ku zauna inda sabis yake da ƙarfi, ko da sai kun fita bakin titi.

A wayar dama, wato taku, ku buɗe Play Store, ku rubuta Family Link, ku taɓa Install. Manhajar Google ce da iyaye suke kula da wayar yaro da ita daga tasu wayar, kyauta ce. Idan karatun ya yi muku nauyi, ku bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Darasi na 2: Asusu biyu, kalmar sirri biyu

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Asusu shi ne adireshin da yake ƙarewa da @gmail.com. Kuna da naku. Yanzu a cikin Family Link za ku buɗe wa yaro nasa. Za a tambaye ku sunansa da ranar haihuwarsa. Ku sa ta gaskiya, domin yaron da bai kai shekara 13 ba, Google yana ɗaure asusunsa a ƙarƙashin na iyaye. Ku ɗauko littafi, ku rubuta asusunku da kalmar sirrinku a shafi ɗaya, na yaro a wani shafin daban.

Sai ku ɗauki wayar hagu. Idan akwai tsohon asusu a ciki, ku shiga Settings, ku nemi Accounts, ku cire shi. Daga nan ku taɓa Add account, ku zaɓi Google. Abin da za ku fara rubutawa shi ne asusun yaro da kalmar sirrin yaro. Bayan haka wayar za ta nemi amincewar mahaifi, a nan ne za ku rubuta kalmar sirrinku. Na yaro a farko, taku a biyo baya.

Wani dattijo a ajinmu na yamma a wajen Ringim ya kawo wayar da babban ɗansa ya bar wa ƙaninsa ɗan shekara 11. Ya rubuta nasa asusun a wayar yaron, ya tafi gida yana murna. Bayan kwana uku ya dawo ya ce, “Malam, har ƙarfe ɗayan dare ina hango hasken wayar a ƙarƙashin bargo.” Muka duba, ashe wayar ta ɗauka shi ne mai ita, ba ta san da wani yaro ba. Muka cire, muka sake daga farko.

Ga yadda za ku gane kun yi daidai: ku buɗe Family Link a wayar dama. Idan kun ga sunan yaron, a ƙarƙashinsa kuma da sunan wayarsa, aiki ya yi. Idan ba ku ga wayar ba, kun haɗa shafukan. Ba abin kunya ba ne, ku koma. Wayar hagu, asusun yaro a farko, kalmar sirrinku a baya.

Kuma don Allah ku daina miƙa wa yaro wayar kuna cewa “karanta mini, rubuta mini”. Na gaji da faɗa. Ranar da ya ga kalmar sirrinku, kun ba kura ajiyar nama. Ku rubuta da hannunku, ku ɓoye littafin a akwati. Na yaro a farko, taku a baya, kuma taku ba ta shiga kunnensa.

Darasi na 3: Ƙayyade lokaci

A wayar dama, ku shiga Screen time. Daily limit shi ne adadin awannin yini. Ku fara da awa 2. Downtime shi ne lokacin barci, misali daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe, wayar za ta kulle kanta. A App limits kuma ana ba kowace manhaja nata rabon, kamar minti 30 ga wasa. Idan kun canza wani abu bai kama ba, ku duba ko datar yaron ta ƙare, domin sai da ita umarnin yake isa.

Darasi na 4: Tace abin kallo

Ku shiga Controls. A wajen Chrome ku zaɓi Try to block explicit sites, yana rage shafukan batsa. A Google Play ku sa a riƙa neman izininku kafin ya sauke manhaja. Wannan tacewar ba ta ganin bidiyon da aka turo masa ta WhatsApp ko abokai suka zuba masa ta Xender. Wannan sai ku karɓi wayar ku duba da idonku.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku kulle wayar yaron daga taku da Lock, ku sake buɗewa. Ku zo da littafinku ranar Asabar.